Rubutun bidiyon tallata Zariya ga baƙi: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan su ne tambayoyin da ke yawan fitowa daga bakin jami'an yaɗa labarai na ƙaramar hukuma, da marubuta, da masu ɗaukar hoto, duk lokacin da majalisa ta ce a shirya ɗan gajeren bidiyon da zai jawo masu yawon buɗe ido zuwa Zariya. Misalin da aka bi tun daga farko har ƙarshe shi ne bidiyo mai minti uku.

Me ya sa sai an yi rubutu? Ba mai kyamara ne zai fita ya ɗauko abin da ya gani ba?

Idan mai kyamara ya fita babu takarda a hannunsa, zai dawo da hotunan awa uku ko huɗu masu kyau, amma babu zaren da ya ɗinke su. Daga nan sai a zaunar da wani a ce ya rubuta bayanin da zai hau kansu, shi kuma ya yi ta cike gibi da yabo. Haka ake samun bidiyon da murya ke zancen Sarauniya Amina alhali hoto yana nuna 'yan acaɓa a Kwangila.

Rubutun da ake nufi takarda ce mai gida biyu. A gefen hagu ana rubuta abin da ido zai gani: wurin, lokacin yini, wanda ke cikin hoton, da abin da yake yi. A gefen dama ana rubuta abin da kunne zai ji, ko muryar mai bayani ce, ko maganar wani ɗan gari, ko kiɗa, ko sautin wurin kansa. Kowane layi yana ɗauke da adadin daƙiƙoƙinsa. Da wannan takardar ake neman izini, da ita ake lissafin kwanakin ɗauka da kuɗin mota, ita ce kuma majalisa za ta sa wa hannu kafin a kashe ko sisi.

Wa bidiyon yake yi wa magana?

Ku zaɓi mutum ɗaya ku riƙe shi a zuci. Wanda ya fi saurin amsa gayyatar Zariya shi ne na kusa: iyali daga Kaduna ko Kano ko Abuja da za su iya zuwa da safe su koma da yamma, da tsohon ɗalibin da ya yi shekara huɗu a Samaru amma bai taɓa leƙa cikin birni ba, da iyayen da suka kawo yaro makaranta suka sami rarar yini guda. Kaduna kusan kilomita 80 ce kawai daga nan. Irin wannan baƙon ya san rawani, ya san hawan sallah, ba ya buƙatar a fassara masa su. Abin da yake so ya ji shi ne inda zai fara, abin da zai gani, da ko za a karɓe shi. Idan aka rubuta wa Bature mai zuwa daga ƙetare da ɗan Kaduna a takarda ɗaya, ɗayan zai gaji da bayanin abin da ya sani, ɗayan kuma bayanin ba zai ishe shi ba. Maganar harshe da fassara tana can gaba.

Minti nawa ya kamata ya yi, kuma kalmomi nawa ke nan?

Minti uku ya isa, a kuma yanko wani gajere mai daƙiƙa 45 zuwa 60 daga cikinsa don turawa ta waya. Minti uku daƙiƙa 180 ne, amma kada murya ta cinye su duka. A bar kamar kashi ɗaya cikin uku babu magana, hoto da sautin wuri su yi aikinsu. Saura daƙiƙa 120 ke nan na bayani.

Mai karanta Hausa a natse, irin karatun da ya dace da wannan aiki, yana tafiya ne wajen kalma biyu a daƙiƙa, don haka ku yi lissafi da kalmomi 240 ko ƙasa da haka. Kada ku tsaya a kan lissafin kawai. Ku ba wanda zai karanta takardar, ku kunna agogon waya, ya karanta da ƙarfi sau biyu. Idan ya haura daƙiƙa 120, rubutun za a rage, ba shi za a ce ya ƙara sauri ba. Da zarar mai bayani ya fara gudu, muryarsa takan koma ta sanarwar cigiya, duk daɗin maganar ya tafi. Mutane kan yi mamakin ƙanƙantar kalmomi 240: ba su cika shafi ɗaya ba. Wannan ƙarancin ne yake tilasta zaɓen da za a yi bayaninsa a amsoshin da ke biye.

Wurare nawa za a sa, kuma da me za a zaɓe su?

Shida ko bakwai. Wuri yana buƙatar aƙalla daƙiƙa 20 kafin ya zauna a idon mai kallo. Abin da ya gaza haka wucewa ce kawai. Zariya kuwa tana da abin nunawa fiye da haka nesa ba kusa ba, shi ya sa zaman zaɓe yake zafi. Kowane kansila yana da wurin da yake so a gani a mazaɓarsa, kuma yana da gaskiyarsa.

Tambaya uku ce ke raba gardama. Baƙo zai iya zuwa wurin da ƙafarsa a bar shi ya shiga ko ya tsaya ya kalla? Akwai abin da ke motsi a wurin, mutum ko sana'a, ko kuwa allo ne da katanga? Wurin yana faɗin wani abu da sauran ba su faɗa ba? Da wannan ma'aunin, ƙofar gari ɗaya ta wadatar. Ƙofar Doka, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Galadima, Jatau da Tukur-Tukur duk suna da tarihi, amma idan aka jera su ɗaya bayan ɗaya mai kallo ba zai riƙe ko guda ba. A nuna Ƙofar Doka da kyau, a ambaci cewa tana da 'yan'uwa. Haka nan makarantar horar da kuratan soja: sananniya ce, tana cikin abin da ya sa ake sanin garin, amma ba wurin da baƙo zai shiga yawo ba ne, don haka ta faɗi a tambayar farko.

Wane jeri za a bi? Tarihi, ko muhimmanci, ko hanya?

Hanya. A jera wuraren yadda mutum zai bi su da mota a yini ɗaya, daga hantsi zuwa faɗuwar rana. Amfanin haka biyu ne. Na farko, hasken rana da kansa yana ba bidiyon tafiya, mai kallo yana jin yini yana wucewa ba tare da an gaya masa ba. Na biyu, wanda ya kalla ya sami taswira kyauta: gobe idan ya zo ya san daga ina zai nufi ina.

Jerin tarihi yana sa hoto ya riƙa tsalle, daga dutsen Kufena a yamma zuwa tsakiyar birni zuwa Samaru a dawo Tudun Wada, duk wanda ya san garin kuma zai ji abin ya yi masa bambaraƙwai. Jerin muhimmanci kuwa rigima yake jawowa, domin duk wanda aka sa a ƙarshe zai ɗauka raina shi aka yi. Idan hanya ce ta yi jerin, babu mai ƙorafi, ko an yi ma akwai amsa. Abin sha'awa a Zariya shi ne hanyar da kanta tana tafiya da tarihi: an fara da birni mai ganuwa, an fito Tudun Wada da kamfanin Gaskiya inda zamanin boko da ɗab'i ya kafu, an wuce jami'a, sannan a rufe da dutsen da ya girmi dukkansu.

Za a iya nuna yadda rabon daƙiƙoƙin zai kasance a aikace?

Ga yadda za a raba 180 ɗin. Ƙofar Doka da hantsi ta ɗauki daƙiƙa 25, goma na farko babu magana sam, sai ƙarar gari yana farkawa: masu kekuna, 'yan makaranta, mai koko da ƙosai a gefen titi. Sai murya ta shigo: “Ta nan ake shiga birnin Zazzau. Sannu da zuwa.” Daga nan fada, daƙiƙa 30. Masallacin Juma'a da ke kusa da ita, 20. Sai a shiga lungu wajen masu ɗinkin hannu, 30, kuma a nan mai bayani zai yi shiru, maɗinkin ne zai yi magana.

Bayan azahar a fito daga ganuwa. Ginin Gaskiya da Kwalejin Barewa su raba daƙiƙa 20, tunda hanya ɗaya suke. Samaru 20. Sai a juyo, a ratsa Wusasa a ga tsohuwar majami'ar nan ta ginin ƙasa, a ƙare a gindin Kufena rana tana faɗuwa, 25. Goman ƙarshe na allon rufewa ne, mai ɗauke da sunan majalisa, da ofishin da baƙo zai tuntuɓa, da lambar wayar da lallai akwai mai ɗauka.

Ku lura rabon bai zo daidai wa daida ba, da gangan ne. Fada da masu ɗinki sun fi samun lokaci saboda a nan ne fuskokin mutane suke. Gine-ginen makarantu an wuce su da sauri domin katanga ba ta riƙe ido. Wanda zai yanko gajeren na waya ya ɗauki Ƙofar Doka, da maɗinki, da Kufena, da allon rufewa, ya bar sauran.

Samaru ai a ƙaramar hukumar Sabon Gari take. Ya halatta majalisar Zariya ta sa ta a bidiyonta?

Baƙo bai san iyakar ƙaramar hukuma ba, Zariya kawai ya sani, kuma bidiyon Zariya da babu Jami'ar Ahmadu Bello a cikinsa kowa zai ga giɓin. A sa ta. Sai dai a kula da lafazi: kada bayani ya ce “a ƙaramar hukumarmu”, ya ce “a Zariya”. A kuma aika wa majalisar Sabon Gari takarda tun kafin ɗauka, a ambace ta a allon godiya. Ita jami'ar ma hukumarta daban ce, izinin ɗaukar hoto a harabarta daga gare ta ake nema, ba daga kowace majalisa ba. Idan majalisun biyu za su haɗa hannu su biya kuɗin aikin, ya fi kowane tsari sauƙi.

Yaya za a sa bidiyon ya taɓa zuciya ba tare da ya koma kirari ba?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka tarin kalmomin yabo ne ke jawo mutum. “Gari mai ɗimbin tarihi, cibiyar ilimi, mahaɗar al'adu, matattarar zaman lafiya.” Ku cire sunan Zariya ku sa Katsina ko Daura, za ku ga jumlar ta zauna daram. Duk jumlar da za ta zauna a wani gari haka, ba ta yi wa Zariya aikin komai ba, a soke ta.

Abin da ke taɓa zuciya ƙaramin abu ne da aka gani kusa. Ɗauki wajen masu ɗinki. Dattijo yana zaune a zaure kan tabarma, babbar riga shimfiɗe a cinyarsa, an riga an zana mata aska takwas, yana soka allura yana jan zare, yaronsa a gefe yana koyo a kan wani ƙyalle. Kyamara ta tsaya a kan yatsun nan daƙiƙa biyar cur. Sannan a yi masa tambaya ɗaya, da ladabi: “Baba, wa ya koya maka, kuma riga irin wannan wata nawa take ci?” Abin da ya faɗa da bakinsa, da karin harshensa na Zazzaganci, ya fi duk abin da marubuci zai ƙirƙira a ofis. A cikin takardar kada a rubuta masa amsa ya haddace. A rubuta tambayar kawai, a ware masa daƙiƙa 12. Mutumin da aka ba haddar yabo ana ganewa a idonsa, yana kallon sama yana laluben kalma ta gaba.

Ita ma muryar bayani ta yi magana kamar mai masauki, da “ku” ta girmamawa: “Idan kun gaji, ku zauna a nan ku sha fura.” Gayyata ɗaya irin wannan a tsakiya, ɗaya a ƙarshe, sun isa. Kirari yana da gurbinsa, amma a bakin masu shi, wato maroƙa da 'yan kirarin fada, a ɗauke shi a matsayin sautin wuri.

Shekaru da sunaye nawa za a iya sawa kafin su yi yawa?

Gaskiya ɗaya tak ga kowane wuri, kuma shekarun da murya za ta furta kada su wuce uku a duk bidiyon. Kunne ba ya riƙe lamba kamar yadda ido ke riƙewa. Sauran shekarun a rubuta su a ƙasan hoto, ƙanana, su tsaya daƙiƙa uku ko huɗu.

A misalinmu, a Gaskiya murya ta ce a nan Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, domin wannan abu ne da duk mai karatun Hausa yake da rabo a cikinsa. A Samaru ta ce an buɗe jami'ar a 1962. A Barewa kuwa a yi hattara, nan ne ake yawan zamewa: an kafa makarantar a 1921, amma a Katsina, ta koma Kaduna a 1938, sai a 1949 ta iso Zariya. Wanda ya rubuta “an kafa ta a Zariya a 1921” ya yi kuskure, tsofaffin ɗalibanta kuma ba za su bari ya wuce ba. Mafita ita ce murya ta bar shekara ta faɗi abin da ya fi jan hankali, cewa shugabannin ƙasa irin su Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa sun zauna a azuzuwanta, allo kuma ya rubuta shekarun biyu, 1921 da 1949, kowace da garinta.

Kowace gaskiya a takardar a rubuta a gefenta da fensir daga inda aka samo ta, kuma a sami wani masani daga sashen tarihi na jami'a da wani daga fada su duba kafin a naɗi murya. Gyaran kalma a takarda kyauta ne, gyaranta bayan an naɗa kuwa sai an sake kiran mai karatu da mai haɗa hoto an sake biya.

Me za a ce game da Sarauniya Amina?

Ba za a yi bidiyon Zazzau a tsallake ta ba, kuma a kanta ne aka fi cika baki. Masana sun saɓa a kan zamaninta. Da yawa suna sa ta a ƙarni na 16, wasu kafin haka. Saboda haka kada a ba ta shekarar haihuwa ko adadin mayaƙa ko adadin garuruwan da ta ci kamar an ƙirga. Hausa tana da kalmomin da suka dace da irin wannan wuri: “tarihin baka ya nuna”, “ana danganta”, “kaka da kakanni suna cewa”. A ce 'yar Bakwa Turunku ce, ana danganta mata ganuwowi da dama a ƙasar Hausa har ake ce musu ganuwar Amina, kuma ana cewa sunan ƙanwarta Zariya garin ya ci. Wannan ya isa, kuma babu mai ƙaryata shi.

Wajen hoto, duk zanen Amina da ake gani hasashen mai zane ne, kuma kowanne yana da mai shi, sai da izininsa za a sa. Ya fi kyau a ɗora maganarta a kan abin da baƙo zai iya gani da idonsa, wato ragowar ganuwa ko Kufena da yamma. Turunku kuwa tana wajen gari da nisa, ba ta cikin tafiyar yini ɗaya da aka tsara a amsar jeri, a bar ta ga wani bidiyon.

Yaya za a yi da Masallacin Juma'a bayan abin da ya faru da shi?

Masallacin nan na zamanin Sarki Abdulkarim ne, a shekarun 1830, kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi. Bakan gizonsa na ƙasa ya sa masana gine-gine daga ko'ina suke zuwa kallo. A watan Agustan 2023 wani sashe nasa ya rufta ana cikin salla, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu, daga baya aka shiga aikin sake gini.

Abin da wannan ke nufi ga marubuci shi ne kada a ɗauko tsohon hoton cikin masallacin a saka kamar jiya aka ɗauke shi. Baƙon da ya taso daga Abuja don abin da ya gani a bidiyo ya tarar da wani abu daban, ba zai sake yarda da sauran abin da aka gaya masa ba. Idan za a yi amfani da tsohon hoto, a rubuta a ƙasansa cewa tsoho ne, sannan a nuna yadda wurin yake a ranar ɗauka. Bayanin ya tsaya a kan Babban Gwani da fasaharsa, da cewa har yau akwai unguwa mai sunansa a birni. Kuma a wannan daƙiƙa 20 ɗin babu kiɗa ko kaɗan.

Wace ƙa'ida ake bi wajen ɗaukar hoto a fada?

Takarda ake rubutawa zuwa ga majalisar masarauta, da kwafin rubutun a haɗe, a ba da tazarar aƙalla mako biyu. Fada ce za ta faɗi inda kyamara za ta tsaya da inda ba za ta wuce ba, kuma za a haɗa ku da wanda zai yi muku jagora. A rubutun kada a dogara da cewa lallai Mai Martaba zai fito a hoto. A tsara daƙiƙa 30 ɗin yadda za su tsaya da ƙafarsu ko bai fito ba: zanen da ke jikin ƙofar fada, dogarai, doki da kayan adonsa, masu kakaki. Idan an dace ya yi wa baƙi maraba da kalma biyu, sai a rage wani abu a sa.

Sunaye da muƙamai kuwa ba a yi musu ganganci. Mai Martaba Sarkin Zazzau Malam Ahmed Nuhu Bamalli ya hau gadon sarauta a 2020, shi ne na 19 a jerin sarakunan Fulani. Idan an ce “na 19” a cika da “a sarakunan Fulani”, domin kafin jihadi an yi sarakunan Haɓe da dama, waɗanda zuriyarsu ke sarautar Suleja a yau. Gidajen sarauta huɗu ne, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Ko a ambace su duka, ko kada a ambaci ko ɗaya.

Shugaban ƙaramar hukuma yana so ya yi jawabi a ciki. A ina za a sa shi?

A ƙarshe, daƙiƙa takwas zuwa goma, yana tsaye a waje ba a bayan teburin ofis ba, ya yi gayyata kawai. Jawabin minti ɗaya a farko shi ne ke sa mai kallo a waya ya wuce kafin ya ga Ƙofar Doka. Akwai kuma dalili na biyu da shi kansa shugaban zai fahimta idan an yi masa bayani: wa'adi yana ƙarewa, bidiyon kuma ana so ya yi shekaru yana aiki. Idan sashensa yana ƙarshe a ware, wanda ya gaje shi zai sauya daƙiƙa goman nan kawai. Idan kuwa an saƙa shi a ko'ina, za a jefar da aikin gaba ɗaya. Lissafin rijiyoyin burtsatse da kwalbatocin da aka gina na wani bidiyon ne daban.

Wane kiɗa da wane sauti za a sa?

Kowane kayan kiɗa da mazauninsa. Tambari da kakaki na sarauta ne, a fada kaɗai za su fito. Wanda ya sa su a ƙarƙashin hoton kasuwa ya nuna bai san gari ba. Kalangu ya fi dacewa da kasuwa da mahauta. Ba a ɗora kiɗa a kan kiran salla ko karatun allo ko addu'ar majami'a. Kada kuma a ciro waƙar wani mawaƙi a saka babu yarjejeniya a rubuce, domin YouTube da Facebook suna iya toshe sautin ko su sauke bidiyon. Ya fi arha a kira makaɗi a biya shi ya yi sabon kiɗa marar waƙa na minti uku.

Sautin wuri kuwa a rubuta shi a takarda kamar yadda ake rubuta magana, in ba haka ba mai ɗauka zai manta da shi. A kowane wuri a naɗi minti ɗaya na sautin kawai, kowa ya yi shiru.

Wane lokaci na shekara ya fi, kuma a sa hawan sallah?

Ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, ya fi: gari kore shar, sama tas, Kufena ta fito sarai. A tsakiyar hunturu hazo yana shafe dutsen, faɗuwar ranar da aka rubuta a takarda ta koma fari fat. A yini kuma, daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe da daga huɗu da rabi zuwa magariba ne lokacin ɗaukar waje. Tsakar rana a shiga zaure wajen masu sana'a.

Hawan sallah shi ne abin da ya fi ɗaukar ido a Zazzau, amma sau biyu ake yinsa a shekara. Idan ya mamaye bidiyon, wanda ya zo ranar wata Talata a watan Safar zai ga kamar an yaudare shi. A ba shi daƙiƙa shida zuwa takwas a cikin kason fada, murya ta faɗa a fili cewa da ƙaramar salla da babba ake gani, ta ambaci Hawan Bariki da Hawan Daushe don mai son ya daidaita zuwansa.

Za a iya rubuta hoton sama, irin na jirgi marar matuƙi?

Za a iya, amma a Zariya sai an yi taka-tsantsan fiye da sauran garuruwa. Akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, wadda aka kafa a 1964, jiragen ɗalibanta suna shawagi ƙasa-ƙasa a kan gari, ga kuma barikokin soja. Sai mai lasisi daga hukumar kula da sufurin jiragen sama zai tashi na'urar, kuma a sanar da jami'an tsaro. Cikin birni akwai wata matsalar: daga sama ana hango tsakar gidajen mutane, inda iyali suke, wannan kuwa ba abin da za a yafe ba ne. Saboda haka duk inda takarda ta ce hoton sama, a rubuta madadinsa a ƙasa, misali daga kan bene ko daga kan dutse, don kada rashin izini ya tsayar da aiki.

Da Hausa za a yi ko da Turanci?

Da Hausa, a sa fassarar Turanci a ƙasan hoto. Idan akwai kuɗi a naɗi murya ta biyu da Turanci, amma a sake rubuta ta daga tushe a kan daƙiƙoƙin nan dai, kada a bi Hausar kalma da kalma. Wanda ya fara rubutawa da Turanci ya juya zuwa Hausa ana ji a kunne, jumlolin sukan yi tsawo su rasa gishiri. Maganar maɗinki da ta sauran 'yan gari a bar ta da muryarsu a kowane kwafi. A kuma gwada rubutun allo tun da wuri a ga ko yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ. Wasu nau'o'in haruffa suna mayar da su akwati, sai a wayi gari Ƙofar Doka ta rasa harafinta na farko.

Ta yaya za a gane rubutun ya nuna kafin a fita ɗauka?

A yi masa gwaji uku. A karanta shi da agogo, kamar yadda aka bayyana a amsar yawan kalmomi. Sannan a karanta wa wanda bai san Zariya ba, a ajiye takarda, a tambaye shi wuraren da ya riƙe da jerinsu. Idan ya kawo huɗu daga cikin bakwai a jere, an yi nasara. Idan ya ce “gari ne mai tarihi” ya tsaya, yabo ya yi yawa, abin gani ya yi kaɗan, a koma amsar da ta yi maganar kirari.

Na uku, a shiga mota a bi hanyar da ƙafa da ido, a daidai sa'o'in da aka rubuta. A nan ne ake gano cewa da ƙarfe takwas rana tana bayan ginin da ake so a ɗauka, ko an liƙe jikin ƙofa da fastocin siyasa, ko kwata ta cika a bakin lungun masu ɗinki, ko ranar Juma'a ce hanyar fada ba ta biyuwa. Abin da majalisa za ta iya gyarawa, kamar shara da fastoci, ta gyara shi da gaske kafin ranar ɗauka, ta kuma ci gaba da kula da shi, tunda nan ne baƙon zai zo ya tsaya. Abin da ba zai gyaru ba a sauya kusurwa ko a sauya sa'a, a rubuta sauyin a gidan hagu na takardar, a ba mai kyamara da direba kowa kwafinsa.